Ɗora Riba a Kan Me? Lissafi Biyu da Ke Yanke Farashi, da Inda Kowanne Ke Yaudara

Tambayi kowane mai sana'a yadda ya yanke farashin kayansa, amsar da wuya ta canza: na lissafa abin da na kashe, na ɗora riba. Tela haka zai ce, haka mai buga bulo, haka mai ruwan leda. Ba a ƙananan sana'o'i kaɗai abin ya tsaya ba. A 1939 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Oxford, Hall da Hitch, sun wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa masu kamfanoni 38 a Birtaniya, suka tarar mafi yawansu ba sa bin dogon lissafin da ake koyarwa a aji. Kuɗin da suka kashe suke tarawa, su ɗora wani kaso a kai, shi ke nan.

Rigimar tana cikin “abin da na kashe”. Lissafi biyu ne ke amsa wannan suna, kuma kowannensu yana da ranar da yake yi wa mai shi ƙarya. Bari mu ɗauki gidan burodi mu bi shi daki-daki. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an zaɓe su don su yi sauƙin rabawa, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Kuɗin da gidan burodi ke kashewa kashi biyu ne. Akwai wanda ke bin kaya: fulawa, sukari, bota, yis, gishiri, leda, itacen tanda ko gas, da ladan 'yan kwaɓi idan a kan buhu ake biyan su. In an gasa da yawa ya yi yawa, in ba a hura tanda ba ko sisi ba zai fita ba. A ce wannan ya kama naira 600 a kan kowane burodi. Sai kuma tsayayyen kuɗi, wanda ba ruwansa da ko an yi ciniki ko ba a yi ba: hayar wuri, albashin manaja da direba da mai gadi, kuɗin rajista da haraji, da abin da ya kamata a riƙa warewa saboda injin kwaɓi da mota da janareta suna tsufa. A ce wannan naira miliyan 4.5 ne a wata, gidan kuma yana sayar da burodi 30,000 a wata, wato dubu ɗaya a kullum.

Mai cikakken lissafi zai raba miliyan 4.5 ɗin a kan burodi 30,000, kowanne ya ɗauki naira 150. Ya haɗa da 600, ya zama burodi ɗaya ya tsaya masa a 750. Ya ɗora kashi 20 cikin ɗari, wato 150, ya sayar 900. Mai gajeren lissafi kuwa 600 ɗin kawai yake kallo, amma sai ya ɗora kaso mai kauri, kashi 50 cikin ɗari, wato 300, domin daga cikin ɗari ukun nan ne haya da albashi da riba duk za su fito. Shi ma 900 ya samu. A ƙarshen wata su biyun ribarsu ɗaya, naira miliyan 4.5.

To in haka ne, mene ne abin faɗa? Abin faɗan shi ne, lissafin biyu sun haɗu ne a wuri ɗaya tak: watan da aka sayar da burodi 30,000 daidai, fulawa na kan farashinta, haya ba ta motsa ba. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya gusa, sai kowa ya kama hanyarsa.

Ranar da kasuwa ta ja baya

Naira 150 ɗin nan da aka ɗora wa kowane burodi ba kuɗin da burodin ya ci ba ne. Sakamakon rabawa ne, kuma abin da aka raba da shi, 30,000, hasashe ne. Wannan shi ne babban aibin cikakken lissafi: kafin ka san farashi sai ka san yawan da za ka sayar, alhali yawan da za ka sayar farashin ne ke yanke shi.

A ce an buɗe sabon gidan burodi a unguwar, ko kuɗi sun yi wuya a hannun jama'a, masu shayi sun rage ɗauka. Ciniki ya sauko zuwa 18,000 a wata. Manaja ya zauna da littafinsa ya sake rabawa: miliyan 4.5 a kan 18,000 ya ba da 250. Burodi ya koma 850, da kashi 20 a kai ya zama 1,020. Ya je ya sami mai gida ya ce, “Ranka ya daɗe, burodinmu yanzu 850 yake tsaya mana. In muka ci gaba a 900, ɗan abin da ke shigowa hamsin ne.” Lissafinsa babu kuskure ko ɗaya, amma dubi shawarar da ya haifar: a ƙara kuɗi a daidai lokacin da masu saye ke gudu.

Ga yadda ya kamata a auna. A farashin 900 kowane burodi yana barin rarar 300 bayan an cire kayan haɗinsa. Sau 18,000, miliyan 5.4 ke nan. A cire tsayayyen kuɗi, saura naira 900,000. Riba ta yi ƙasa sosai, amma tana nan. In aka koma 1,020, rarar kowane burodi ta zama 420. Don a sami miliyan 5.4 ɗin dai, sai an sayar da kusan 12,900. Saboda haka tambayar da ke gaban Alhaji ita ce: in na ƙara naira 120, masu ɗaukar kayana za su rage fiye da dubu biyar a wata? In ba za su rage haka ba, ƙarin ya biya. In kuwa makwabcinsa na sayar da irin burodin a 900, mai shayi ba zai tsaya jin bayanin haya ba, zai juya mashin ɗinsa ne kawai. Ciniki ya faɗo 12,000, riba ta koma 540,000. Manaja ya sake rabawa, kowane burodi ya ɗauki 375, sabon farashi ya fito 1,170. Haka za a yi ta yi, kowane ƙari yana korar mutane, kowace kora tana kiran sabon ƙari, har a wayi gari tanda ta huce.

Ba cewa ake ƙarin farashi kullum kuskure ne ba. Abin da ake cewa shi ne cikakken lissafi ba ya yin waccan tambayar sam. Kuma yana yin irin wannan ɓarnar ta ɗaya gefen: lokacin da kaya ke tafiya har ana layi a ƙofa, kason haya a kan kowane burodi zai ragu, lissafi ya ce a rage kuɗi, alhali babu wanda ya nemi ragi.

Maganin da akantoci ke bayarwa mai sauƙi ne. A raba tsayayyen kuɗi a kan yawan da gidan ya saba yi a shekara mai matsakaicin ciniki, a bar adadin a haka, kada a riƙa canza shi duk wata. Watan da ciniki ya gaza, giɓin ya fito da sunansa na gaskiya, kuɗin tanda da ta zauna babu aiki, maimakon a ɓoye shi a cikin farashin burodi.

Odar makarantar kwana

Wuri na biyu da cikakken lissafi ke ɓatar da mutum shi ne ciniki na musamman. Ana cikin wannan hali na 18,000, sai wata makarantar kwana ta aiko tana son burodi 6,000 duk wata, amma a kan 700, kuma motarta za ta zo ta ɗauka. Wanda ya riƙe 750 a matsayin uwar kuɗi zai ce albarka tun kafin a rufe baki. In ma 850 ke ransa, yana iya ɗaukar tayin a matsayin raini.

Amma me zai ƙaru a kan kashe-kashen gidan in aka karɓa? Fulawa da sukari da leda da itace da ladan kwaɓi, wato 600. Haya ba za ta ƙaru ba, mai gadi ba zai nemi ƙari ba. Kowane burodi zai bar 100, a wata naira 600,000 ke nan da ba don odar ba babu su. Ƙin karɓa ba ya rage haya ko da kwabo.

Sai dai wannan hujja tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne masu gajeren lissafi ke zamewa. Na farko, sai in tanda tana da sarari. In gidan yana aiki iya ƙarfinsa, duk burodin da aka ba makaranta an hana wa mai saye a 900 ne; an bar rarar 300 an kama ta 100, asarar miliyan 1.2 a wata. Na biyu, sai in odar ba ta jawo sabon tsayayyen kuɗi ba. In sai an buɗe aikin dare, an ɗauki mai kula, janareta ya kwana yana aiki, har abin ya ci 400,000, to rarar ta koma 200,000, kuma jinkirin biya na wata biyu kaɗai ya isa ya cinye ta. Na uku, wanda ya fi wuyar tsarewa, sai in labari bai fita ba. Kasuwa kuwa ba ta da rufi. Ranar da babban dillalinka ya ji ana ba wasu a 700, washegari da asuba, kana tsaye ana loda masa kaya a bayan mota, zai matso ya ce, “Haba Alhaji, shekara nawa muna tare?” In ka sauko masa, sauran ma sun ji. Farashin da aka yi don burodi dubu shida ya zama na kowa, a 700 kuwa sai an sayar da 45,000 kafin a biya haya da albashi kawai.

Akwai kuma rikicin rabo idan kayan sun fi iri ɗaya. A ce gidan yana yin ƙaramin burodi wanda kayan haɗinsa 150 ne, kasuwa kuma tana sayensa 250. In aka yi rabon kai-da-kai, aka ɗora masa 150 kamar yadda aka ɗora wa babba, zai fito a 300, a ga kamar faɗuwa ake yi da shi. A daina yin sa, sai rarar 100 da kowanne ke kawowa ta tafi, haya kuma ta dawo kacokan kan babban. Da a kan nauyin fulawa aka raba, ko a kan lokacin da kowanne ke ɗauka a tanda, da wata amsar aka samu. Duk amsar da ke canzawa saboda an canza ma'aunin rabo, ba abin da za a rufe layin kaya a kanta ba ne.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa “abin da na kashe” magana ce mai buƙatar tacewa. A babin murabaha na Muwaɗɗa, wato cinikin da mai kaya ke bayyana uwar kuɗinsa ya ɗora riba sananniya, Imamu Malik ya rarrabe kashe-kashen mai tufafi gida uku. Abin da ya shiga jikin kayan, kamar rini da ɗinki, ana lissafa shi a ɗora masa riba. Kuɗin dako daga gari zuwa gari ana lissafa shi cikin uwar kuɗi, amma ba a ɗora masa riba sai an sanar da mai saye ya yarda. Ladan dillali da hayar ɗakin ajiya kuwa ba sa shiga. Manufar can ita ce kare mai saye daga ruɗi, ba koya wa mai kaya dabarun kasuwa ba, amma rarrabewar ta yi kusa da wadda muke yi a nan ƙwarai.

Inda gajeren lissafi ke cin jari

Gajeren lissafi ya fi gaskiya wajen yanke shawarar yau da gobe, amma ya fi saurin kashe sabon shiga. Dalili kuwa, rarar da yake nunawa kama take da riba.

Wani ya tara kuɗi ya buɗe gidan burodi irin wancan sak. Ya ji ana cewa ribar burodi kashi 20 ce, bai tambayi a kan me ake ɗora ta ba. Ya ɗora ta a kan 600, ya sayar 720. Nan da nan kaya suka kama tafiya, tunda ya fi kowa araha, kullum da yamma jaka cike. Rararsa 120 ce a kowane burodi. Kafin ta biya miliyan 4.5 sai ya sayar da 37,500 a wata, tandarsa kuwa ko an kwana ana gashi ba ta wuce 35,000. Ma'ana, babu yawan cinikin da zai fitar da shi. Kuma ba zai gane da wuri ba, domin haya ta shekara ce ya riga ya biya, injin sabo ne bai fara neman gyara ba. Sai ranar da mai wuri ya aiko, ko janareta ya buga, ya duba asusu ya tarar wayam. Kafin nan ya ja wa makwabtansa ma, don sun sha rage kuɗi suna bin wanda bai san faɗuwa yake yi ba.

Kashi 50 ɗin da muka fara da shi ba daga sama ya faɗo ba. An same shi ne ta haɗa tsayayyen kuɗi da ribar da ake nema, miliyan 9, aka raba da jimlar kuɗin kayan haɗi, miliyan 18. Wato shi ma a kan hasashen 30,000 yake zaune, sai dai ya ɓoye hasashen a cikin kaso. Wanda ya kwafi kason wani gida, ya kwafi hayar wancan gidan da yawan cinikinsa ba tare da ya sani ba.

A ƙananan sana'o'i abin ya fi muni, saboda kuɗin da ba a fitar da su daga aljihu ba sam ba a ƙirga su. Mai yin cincin a gida ba ta sa ladan kanta, ba ta sa ɗakin da ta mayar wurin aiki, ba ta sa gas ɗin da ake girkin gida da shi. Ko a cikin kuɗi mai bin kaya akwai waɗanda ake mantawa: burodin da ya ƙone, wanda ya yi kwantai aka dawo da shi, gyaran da ake yi wa dillali, bashin da ba zai dawo ba. In cikin kowane ɗari biyar ba su zama kuɗi ba, to burodin da aka sayar ba 600 ya ci ba, ya haura 630.

Hauhawar farashi kuma tana karkatar da kowane lissafi ta fuskarsa. A ce fulawa da sukari sun tashi, kayan haɗi sun koma 800. Mai gajeren lissafi ya ɗora kashi 50 ɗinsa, ya sami 1,200. Mai cikakken lissafi ya haɗa 950, ya ɗora 20, ya sami 1,140. Alhali in ribar da aka saba samu ake son tsarewa, kuma ciniki bai ragu ba, 1,100 ta wadatar. Gajeren lissafi ya ƙara ɗari a banza, saboda ya ɗauka haya ma ta tashi tare da fulawa. A juya abin: fulawa na nan, amma tsayayyen kuɗi ya tashi. Masu sana'a a Najeriya sun ga irin wannan a zahiri. Bayan sanarwar cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Motar rabon kaya tana zagayenta ko ta cika ko ba ta cika ba, firji da fitilu suna ci ko an yi gashi ko ba a yi ba. Wanda idonsa ke kan buhun fulawa kaɗai, lissafinsa zai ce masa 900 tana nan daram, riba kuwa tana zurarewa ta ƙasa.

Akwai tarko ɗaya da ke kama su duka biyun: lissafi da farashin tsohon kaya. In fulawar da ke sito an saye ta kafin tashin kuɗi, aka yanke farashin burodi a kanta, littafi zai nuna riba, amma kuɗin da aka tara ba za su sayi buhunan da aka cinye ba. Jiya ɗari, yau tamanin, gobe sittin, jari na narkewa ana murna. A lokacin hauhawa, farashin da za ka sayi buhu na gaba shi ne na lissafi.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne neman lamba ɗaya da za a kira “kuɗin burodi”. Lambobi biyu ne, aikinsu daban. Ɗari shida ita ce ƙasa: duk abin da aka sayar ƙasa da ita, gara ba a kwaɓa ba. Ɗari bakwai da hamsin kuwa matsakaicin abin da dukan cinikin shekara ya kamata ya haura ne, in ana son a sake injin ranar da ya mutu. Ana iya sayar da wani kaso tsakanin biyun, muddin wani kason yana sama yana cike giɓin. Shi ya sa cikakken lissafi ya fi dacewa da aikin da ba shi da farashin kasuwa a bayyane, kamar kwangilar gini ko ɗinkin kayan makaranta na shekara guda, inda aikin zai cinye wurin da ma'aikatan gaba ɗaya. Gajeren kuma na ranar da tanda ke zaune ne, ga tayi a ƙofa, ana son amsa kafin la'asar.

Gwajin da zai nuna wa mai gida inda yake ba ya buƙatar akanta. A ƙarshen wata ya tara duk abin da ya shigo, ya cire duk kuɗi mai bin kaya a farashin yau, har da kwantai da gyara. Abin da ya rage ya ajiye shi kusa da tsayayyen kuɗin wata, wanda a ciki ya sa kaso ɗaya cikin goma sha biyu na hayar shekara, da na tsufan injina, da albashin da zai biya wani in da ba shi ke zama a wurin ba. Sannan ya duba kashi nawa na burodinsa ya fita a cikakken farashi, nawa ya fita da ragi. A gidan misalinmu, in burodi 30,000 suka kasu biyu, rabi a 900 rabi a 700, rarar miliyan 6 ce, riba ta sauko daga miliyan 4.5 zuwa 1.5, alhali tanda ba ta huta ko kwana ɗaya ba. In kashi uku cikin huɗu suka koma 700, rarar miliyan 4.5 ce cif, wato an yi wa mai haya da ma'aikata aikin wata guda kyauta.